GeForce NOW ko Xbox Cloud Gaming: me kake biya, me ka mallaka?

A duka biyun wasan ba a na'urarka yake gudana ba. Kwamfutar kamfanin ce ke aikin, ta turo maka hoton, kai kuma ka aika mata abin da ka danna.

Kamfanin NVIDIA, mai GeForce NOW, yana son saurin intanet na megabit 15 a daƙiƙa don hoto mai girman 720p, 25 don 1080p, Xbox kuwa megabit 10 a waya, 20 a kwamfuta. Ɗauki megabit 25 ɗin: raba shi takwas, ya zama kusan megabait 3 a daƙiƙa, wato gigabait 11 a awa idan hoton ya cinye layin duka. Awa biyu kullum, ka haura gigabait 600 a wata. Mai sayen data ƙididdigagge ya rage girman hoton tun da wuri.

Sauri kaɗai ba ya wadatarwa. Idan ka danna maɓalli sai daga baya ɗan wasan ya motsa, jinkirin layi ne, kuma NVIDIA tana son ya gaza milisakan 80. Hoto ya riƙa dusashewa yana rarrabewa kuwa, layin ne ke tangal-tangal. Koma kan kebul ko Wi-Fi na 5 GHz.

Wajen mallaka ne suka fi rabuwa. GeForce NOW hayar kwamfuta ce, wasan ka saya a shagon wasanni na intanet irin su Steam ko Epic, ko ka daina biya yana nan a asusunka. A Game Pass, tsarin biyan kuɗin wata-wata na Xbox, yawancin wasannin ma haya ne, suna shiga suna fita, ranar da kuɗinka ya ƙare ƙofa ta rufe. Na Steam ɗin ma, a gaskiya, lasisin amfani ka saya, amma shi kana iya sauke shi a kwamfutarka.