Kafin ka sayi hannun jari a Saudiyya, duba tazarar tayi da sallama

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗan canji a Makka ya ga farashi biyu a allo: wanda zai saya a hannunka, da wanda zai sayar maka. A dala tazarar 'yan halala ce, wato kwabban riyal, domin tun 1986 aka ɗaure riyal a kan 3.75 kowace dala, kuma masu nemanta ba sa yankewa. Miƙa masa naira kuwa, sai ya karya ta sosai, ko ya girgiza kai. Ba mugunta ba ce. Tsoron kwantai yake yi, kada ta kwana a aljihun teburinsa darajarta ta zube.

Haka abin yake a kasuwar hannun jari ta Tadawul. Abin da manhaja ta rubuta `Bid` shi ne tayi mafi tsoka na masu saye, `Ask` kuma mafi arhar kuɗin da mai kaya zai sallama. Kai a kan na biyun kake saye, a kan na farkon kake sayarwa.

A ce ɗan'uwanmu a Jidda zai sayi hannun jari 300, yana duba kamfani biyu. Na farko kasuwarsa na ci: tayi riyal 30.00, sallama 30.10. Ya saya ya sayar nan take, riyal 30 ya rasa, ban da la'adar dillali.

Na biyu sai a wuni ba a yi cinikinsa sau goma ba: tayi 29, sallama 30. Ya biya riyal 9,000. Kwatsam aka bugo daga gida ana neman kuɗin asibiti. Mai tayin 29 ɗin guda 100 kawai yake so, na bayansa 100 a kan 28.50, na uku 100 a kan 28. Abin da ya dawo hannunsa 8,550. Riyal 450 sun tafi, kashi 5 cikin ɗari, alhali babu abin da ya sami kamfanin. Wannan asarar ce ta fi damuna, don ba ta fitowa a rasit, sai ranar da mutum ya matsu yake ganinta.

Shi ya sa nake lissafa kashi nawa tazarar take cikin kuɗin sallama kafin komai: ta farko ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, ta biyu ta haura kashi 3. Sannan in duba guda nawa ke jira a kan kowane tayi.

Kuɗin da za ka iya buƙata gobe, kai shi inda kasuwa ke ci. In kuwa ƙaramin kamfanin ne ya kwanta maka a rai, yi amfani da `Limit`, ka yanka farashinka ka jira, ka kuma sani ana iya tashi kasuwa ba a sallama maka ba.