Lakcar awa biyu: a bi mintoci ko a bi maudu'i?

Idan abokinka bai samu zuwa aji ba, kai kuma kana da rikodin ɗin muryar lakca ta awa biyu, kana so ka rubuta masa abin da aka koyar, hanya biyu ce a gabanka.

Ta farko, ka bi malamin daki-daki, kana rubuta mintin da ya shiga kowace magana: minti 12 ma'anar hauhawar farashi, minti 40 dalilansa. Amfaninta, duk inda abokin ya rikice zai koma daidai wurin ya saurara da kunnensa. Sai dai malami ba littafi ba ne. Yakan yi ratse, ya amsa tambaya, ya dawo a minti 85 ya gyara abin da ya faɗa a minti 40. Wanda ya bi mintoci zai bar kuskuren a shafi na biyu, gyaran a shafi na biyar, mai bita kuwa na farkon zai haddace.

Ta biyu, ka saurari lakcar gaba ɗaya tukuna, kana yin 'yar alama kawai, sannan ka tattara komai ƙarƙashin kanun magana uku ko huɗu. Ta fi cin lokaci, kuma kana iya zubar da misalin da ka raina alhali shi malamin ya nanata.

Ni dai ta biyun nake zaɓa, amma ina ajiye lambar minti a gefen kowane lissafi da duk inda malamin ya ce "ku duba allo", domin rikodin ba ya ɗaukar zane. Wannan sai an kwafo daga littafin wanda ya zauna ajin.