Sharhi: layuka uku da ke gyara fassarar saƙon soyayya

Na gwada manhajar fassara irin wadda ake iya rubuta mata bayani kafin a ba ta saƙo, kuma hukuncina shi ne wannan: a kan kalaman soyayya, bayanin ya fi manhajar kanta muhimmanci. Idan babu shi, dole ta yi kintace a kan abu biyu, wato wa ke magana da wa, da kuma inda zancensu ya kai.

Matsalar jinsi ce ke fara fitowa. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga "kai" da "ke", Hausa kuwa sai an zaɓa. Don haka saƙon da namiji ya rubuta wa mace da Turanci yana iya dawowa "ina sonka", nahawu daidai, ma'ana kuma a karkace. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne jinsin mai maganar. "Ina kewarka" ba ta nuna ko waye ya faɗa ba, amma da an zo kan "ni ne" da "ni ce", ko "masoyinki" da "masoyiyarka", sai asiri ya tonu. Zuwa Larabci abin ya fi tsanani: namiji "mushtaƙ" ne, mace "mushtaƙa", alhali jimlar Hausar ba ta ba da wata alama ba. Tun a 2018 Google Translate ya fara nuna fassarar namiji da ta mace a wasu harsuna, sai dai wannan bai taɓa batun matakin soyayya ba.

Ga misalin da na fi maimaitawa a gwajin. Mace ce ke son mayar da saƙon Turanci zuwa Hausa, ma'anarsa ta ji daɗin hirarsu, tana tunaninsa, tana son su sake magana. Wata biyu da haɗuwarsu. Ba tare da bayani ba, irin abin da ke fitowa shi ne "ina sonki, ba na daina tunaninki". An juya jinsi, an kuma ɗora mata furucin da ba ta kai gare shi ba. Sai na sa wannan a sama:

```
Mai magana mace ce, tana rubuta wa namiji.
Wata biyu da haɗuwarsu, ba wanda ya furta so tukuna.
A sa kulawa da ɗan jin nauyi, kada a ƙara sunan shagwaɓa.
```

Da wannan, fassarar ta koma wajen "na ji daɗin hirarmu, ka kwanta min a rai, ina fatan mu sake magana". Wannan mace za ta iya aikawa ba tare da ta ji kunya daga baya ba.

Layi na biyu ne ya fi aiki, domin kalaman so hawa-hawa ne. "Kana burge ni" ta farkon tafiya ce. "Ka kwanta min a rai" ta ɗan matsa gaba amma ta bar ƙofar ja da baya. "Ina sonka" furuci ne, "ina ƙaunarka" ta fi nauyi, su "rabin raina" kuwa sai waɗanda suka yi nisa ko ma'aurata. Rubuta "muna soyayya" kawai bai wadatar ba, gara a faɗi tsawon lokacin da kuma ko an riga an furta so.

Inda manhajar ta gaza ma a bayyane yake. Idan aka ce mata "ya zama na soyayya" ba tare da iyaka ba, sai ta cika gishiri, ta ƙaro "hasken idona" da ba ya cikin asalin saƙon. Shi ya sa layi na uku yake da hani. A dogon saƙo kuma takan fara da "ka" ta ƙare da "ki", musamman idan an ambaci wata mace a tsakiya, kamar ƙanwa ko ƙawa. Maganinsa a riƙa ba ta jimla huɗu ko biyar a lokaci guda, a sake manna bayanin kowane karo.

Wata dabara da ake yawan yi ba ta aiki a nan: mayar da fassarar zuwa Turanci don a duba. "Ina sonka" da "ina sonki" duk abu ɗaya za su koma, kuskuren ya ɓuya. Abin yi shi ne bin saƙon Hausar kalma-kalma, ana duba kowane ka, ki, naka, naki, ne da ce. Idan harshen da aka fassara zuwa gare shi ba ka jinsa, nemi sigar namiji da ta mace a jere. Kalmomin da suka bambanta su ne za ka sa wa ido kafin ka aika.