Wata takwas ina aiki da lissafin kayan ko-ta-kwana a sitona: inda ya yi mini rana da inda ya ba ni kunya

Dilan kayan masarufi ne ni a Gusau, taliya da makaroni su ne ƙarfin cinikina, sai sukari da magi a gefe. Masu sari suna zuwa daga Kaura Namoda da Bungudu da Tsafe, ranar Litinin kuma mutanen Talata Mafara kan cika ƙofar sito don su riski kasuwarsu ta Talata da kaya. Shekara da shekaru ma'aunina ido ne. In na leƙa na ga jerin katan ya sauko ƙasa da tagar sito, sai in ɗauki waya in yi oda. Wani lokaci a dace, wani lokaci in zauna ina ba mutane haƙuri.

Bara wani matashin akawu da ke shirya wa 'yan kasuwa lissafi ya zo mini da tayi: zai haɗa mini shafin Excel da zai riƙa faɗa mini katan nawa ya kamata in ajiye a matsayin ko-ta-kwana, da kuma lokacin da zan yi oda. Na biya shi naira 60,000, ya yi kwana biyu yana kwashe adadi daga littattafan magatakardana. Sharhin wannan aikin nasa nake yi, kuma zan tsaya a kan taliya kaɗai, don a kanta na ga komai.

Abin da ya fara yi shi ne jera cinikin mako 26 a layi ɗaya. Matsakaicinsu ya kama katan 400 a mako. Amma babu makon da ya tsaya daidai a 400: akwai wanda na sayar da 290, akwai wanda ya haura 500. Wannan hawa da saukar ita ce ake aunawa, kuma na'urar ta fitar da ita a lamba ɗaya, 60. Yadda ya fassara mini ita, kusan mako biyu cikin kowane uku cinikina ba ya wuce katan 60 sama ko ƙasa da 400, wato tsakanin 340 da 460. Na buɗe littafi na ƙirga da kaina, kusan haka ɗin ne.

Sai ya tambaye ni kwana nawa tirela take yi daga ranar da na biya kuɗi zuwa ranar da 'yan dako suka gama saukewa. Na ce mako biyu, tunda daga Legas ake lodi. Ya rubuta 2.

Tambaya ta uku ce ta ba ni dariya. Ya ce, "Alhaji, kashi nawa cikin ɗari kake so ka tabbata kaya ba za su yanke ba kafin mota ta iso?" Na ce ɗari bisa ɗari mana, wa yake son ya yi wa kwastoma "babu"? Ya ce wannan lissafin ba shi da ɗari bisa ɗari, sai dai a matsa kusa da shi, kuma kowane taku da tsadarsa. Kowane kaso yana da lambar da ake ninkawa da ita: kashi 90 lambarsa 1.28, kashi 95 tasa 1.645, kashi 99 kuma 2.33. Muka tsaya a 95. Ga abin da ya rubuta a akwatin:

```
=NORM.S.INV(0.95)*STDEV.S(B2:B27)*SQRT(2)
```

Da hannu ma ana iya yi: 1.645 sau 60 sau 1.41, ya ba da katan 140. Wannan 1.41 ɗin ita ce lambar da in aka ninka ta da kanta take ba da 2, makonnin jira. Na tambaye shi me ya sa ba a ninka da 2 kai tsaye ba. Amsarsa ta gamsar da ni: ba lallai makonni biyun su yi zafi tare ba, sau da yawa makon da ya yi sama yana samun wanda ya yi ƙasa ya rage masa kaifi. Duk ɗan kasuwa ya san wannan ko bai taɓa ganin kwamfuta ba.

To, katan 140 su ne ko-ta-kwana. A haɗa su da 800 da zan sayar cikin makonni biyun jira, ya zama 940. Duk ranar da abin da ke sito haɗe da abin da na riga na biya yana kan hanya ya sauko 940, ranar zan yi oda. Akwatin yana komawa ja da kansa, magatakardana ma yana ganinsa a wayarsa.

Wata biyu na farko na ji daɗinsa ƙwarai. Ashe a da ina jibge makaroni fiye da kima, kusan ninki biyu na abin da lissafin ya nuna, alhali cinikinsa a kwance yake, ba ya wasa irin na taliya. Na rage shi, kuɗin ya koma kan sukari. Wannan kaɗai ya mayar mini da abin da na biya yaron.

A wata na uku abin ya ba ni kunya. Akwati ya yi ja, na yi oda a ranar, ban ƙara ko awa ɗaya ba. Motar ta daɗe a layin lodi, ta taso kuma ta lalace kafin Funtua, direba ya kwana biyu yana jiran makaniki, da aka gyara ya ce shi ba zai bi hanyar Tsafe da yamma ba, wanda ban ga laifinsa ba. Kwana 20 cif. Katan 940, in ana fitar da 400 a mako, kwana 16 da rabi suke kaiwa. Ranar Litinin ɗin nan ina zaune a kan benci, sito an share shi fes, wani tsohon kwastomana na Mafara ya leƙa ciki ya ga katakon da ake jera kaya a kai babu komai, ya ce, "Alhaji, ko an tashi ne?" Ya tsallaka layi ya yi sarinsa a wurin maƙwabcina, har da sukarin da nake da shi.

Na kira yaron da zafina. Bai yi gardama ba, ya ce in fito masa da takardun sauke kaya na motoci takwas na baya. Muka ƙirga kwanakin kowace: 10, 14, 11, 20, 11, 18, 14, 14. Matsakaicinsu 14 ne, ban yi ƙarya ba da na ce mako biyu. Amma hawa da saukarsu ya kai kwana uku da rabi, rabin mako kenan, kuma shafin da ya haɗa mini ya ɗauka kullum mota a kwana 14 take zuwa kamar fitowar rana. A nan nake ganin laifinsa. Mutumin da ya tashi a Zamfara bai kamata sai an tuna masa cewa hanya ba ta da alkawari ba. Akwai lissafin da ya haɗa duka biyun, ya san shi, bai sa ba:

```
=NORM.S.INV(0.95)*SQRT(2*60^2+400^2*0.5^2)
```

Ku dubi abin da ke cikin bakar ƙarshe. Ɓangaren wasan ciniki ya ba da 7,200, ɓangaren wasan hanya ya ba da 40,000. Wato haɗarin da ke zuwa mini daga mota ya fi wanda ke zuwa daga kwastoma nesa ba kusa ba. Amsar ta tashi daga katan 140 zuwa 357, layin oda kuma daga 940 zuwa 1,157. Wannan adadin yana kai kwana 20, da ƙyar da ya fitar da ni a waccan ranar.

Sai dai 357 ba wasa ba ne. Mu ƙaddara katan naira 15,000, don lissafi ya yi sauƙi: ajiyar farko naira miliyan 2.1 ce, ta biyu ta haura miliyan 5.3, kuɗi kwance ba ya juyawa, ga ɓera ga zafin kwano. Da na nace a kan kashi 99, katan 506 zan ajiye, kusan miliyan 7.6. A nan na fahimci zaɓen kason nan ba aikin akawu ba ne, aikin mai dukiya ne. Ni ina da wata ƙofa: in na ga mota za ta makara, ina iya sa a ɗauko mini katan 150 daga kasuwar Singa a Kano cikin kwana biyu, ko da ribar ta ragu. Don haka na sauko zuwa kashi 90 a taliya, katan 278, na riƙe Kano a matsayin madogara. Wanda ba shi da irin wannan ƙofar, ko yake sayar da abin da in ya yanke kwastoma ba ya dawowa, shi ya tsaya a 95 ko sama.

Wani abu da ni ma na fahimta a baibai da farko: kashi 95 ba yana nufin mutum 95 cikin 100 za su sami kaya ba. Zuwan mota ake ƙirgawa. Ni ina yin oda kusan sau 26 a shekara, to a kashi 95 in sa ran yankewa sau ɗaya ko biyu, a kashi 90 kuma sau biyu zuwa uku. Lissafin ba ya faɗa maka yankewar ta awa uku ce ko ta kwana huɗu. Da ya yi mini wannan bayanin tun ranar farko, da zafina bai kai haka ba.

Akwai kuma tarkon da ke cikin littafin ciniki kansa. Makon da sito ya bushe, littafi ya nuna na sayar da katan 210. In aka zuba wannan a shafin, na'ura za ta ɗauka mutanen Gusau sun rage cin taliya, alhali ni ne ba ni da ita. Yanzu akwai ƙaramin littafi a teburin magatakarda, a bangonsa an rubuta "an tambaya babu", duk wanda ya nemi kaya bai samu ba a rubuta adadin, ranar Asabar a haɗa da cinikin mako.

Azumi kuwa shafin bai san da shi ba. Mako biyu kafin ganin wata, masu rabon kayan azumi suna ɗaukar taliya da sukari ɗari-ɗari, wannan ba wasan mako-mako ba ne, matsakaicin ne gaba ɗaya ya tashi. Sai da muka buɗe shafi na daban da adadin azumin bara, muka koma na kullum bayan sallah.

Zan sake biyan kuɗin? Zan biya. Amma duk wanda za a haɗa wa irin wannan, ya fito da takardun sauke kayansa tun kafin a tambaye shi, ya ce a sa kwanakin kowace mota, kada ya ba da amsar baki irin tawa. Yaron ya gyara mini ba tare da ya karɓi ƙari ba, ya kuma ƙara layin da ake rubuta ranar biya da ranar saukewa. Motar da ta zo makon jiya kwana 17 ta yi, ta tarar da katan 90 a sito.