Caji a rana ko canjin batir, ga agogon sola da ya tsaya

"Yan uwa agogona Citizen mai sola ne, na barshi a durowa anan Jidda na tafi gida kusan wata bakwai, na dawo ya tsaya cak. Mai gyara a Balad yace sai canjin batir. In canja ne ko in shanya shi a rana?"

Dan uwa kada ka bari a bude shi tukuna. Fuskar agogon nan haske na ratsa ta, a karkashinta akwai dan faifan sola da ke mayar da haske wuta, wutar kuma tana taruwa a wani dan batir mai caji. Da yawansu in sun cika suna kai wata shida a duhu, to kaga wata bakwai a durowa ai dole ya tsaya, ba lalacewa yayi ba.

Caji kyauta ne amma sai da hakuri, kuma ba kowane haske bane. A ma'aunin haske da ake kira lux, rana tsaka tana kai 100,000, fitilar daki kuwa wajen 500 ce, shi yasa minti kadan a rana ke bada wutar yini guda amma a karkashin fitila sai awanni, wanda ya mutu gaba daya kuwa fitilar daki da kyar ta tashe shi. Ka aje shi fuska na kallon rana da hantsi, awa biyu zuwa uku kullum har kwana hudu ko biyar, in a bakin taga ne ka bude ta don gilasan nan namu masu duhu suna cinye hasken. Amma don Allah banda kan dashbod din mota, da zafin garin nan wajen yana wuce digiri 60 kuma zafi na kashe batirin, in ka taba kaji yana kona hannu ka dauke. In hannun sakan ya fara tsalle bibbiyu to ya farfado amma cajin bai isa ba, cigaba har ya koma daidai sannan ka saita lokaci.

Canjin batir kuwa sai in ka cika shi sosai amma bayan kwana biyu uku ya sake tsayawa, wannan batirin ne ya daina rike wuta, yawanci sai ya haura shekara 10. Anan ne nake jin tsoro, wasu masu gyara sai su saka maka batirin agogo na gama gari, wanda ba'a cajinsa, sola na tura masa wuta ya kumbura ko ya fashe ya bata injin. Kace a nuna maka lambar tsohon, irin su MT920 ko MT621, a saka irinsa sak, a duba robar murfin baya ma saboda gumi.

Ni dai caji zan fara. In ya tashi kuma ka lura da hannun jallabiya, yana rufe fuskar agogo yini guda ya hana shi shan haske.