Hattara da Masu Sayar da Jerin Hannun Jari "Mai Rabon Riba Kashi 20"

Jama'a, akwai wasu da ke yawo a zaurukan sada zumunta suna tallar jerin kamfanoni goma. Wai in ka biya kuɗin rajista za su ba ka sunayen, ka sayi hannun jari, ka riƙa karɓar rabon riba kashi 20 cikin ɗari duk shekara kana kwance. Don Allah kada ku biya. Damfara ce da aka lulluɓe da lissafi na gaskiya, shi ya sa take cin mutane, musamman 'yan fansho da ba su da wata madogara.

Ga yadda kashi 20 ɗin ke fitowa. A ce hannun jari ɗaya yana kan 100, kamfani na raba 8 a shekara, wato kashi 8. Sai kasuwa ta hango matsala, farashi ya faɗo zuwa 40. Raba 8 da 40, ka samu kashi 20. Kamfanin bai ƙara ko sisi ba, farashi ne ya rushe. Kuma 8 ɗin nan rabon bara ne, babu wanda ya yi alkawarin na bana.

Abin da suke ɓoyewa shi ne ribar da kamfanin ya ci. Buɗe rahoton shekara, ka nemo ribar kowane hannun jari. In 5 ce amma ana raba 8, to ana fitar da kashi 160 na abin da aka samu. Ragowar 3 daga ina? Bashi, ko sayar da kadara, ko kwasar ajiya. Wannan ba ya ɗorewa. Ranar da aka rage rabon zuwa 2, kai da ka saya a 40 ka koma kashi 5, kuma galibi farashin ma sai ya ƙara faɗuwa. Ka yi asara ta fuska biyu ke nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jerin kansa. Bakwai cikin goman nan kamfanonin man fetur ne. Sunaye daban-daban, amma farashin ɗanyen mai ɗaya ke juya su duka. A 2020 da man ya karye, Shell ma da girmansa ya zaftare rabon ribarsa da kusan kashi biyu cikin uku, karo na farko tun Yaƙin Duniya na Biyu. Ina ga ƙanana?

Wasu masu tallar har cewa suke ka tura kuɗin su saya maka, rabo "tabbas" duk wata. Hukumar daraktocin kamfani ce ke yanke shawarar rabon riba, ba mai talla ba. Ka nemi lambar lasisinsa, ka bincika ta wurin hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, kuma kada ka yarda a sayi komai sai a asusun da ke ɗauke da sunanka.