Tishat da hudi: yankan kowa ko yankan mata? Saƙo daga Birtaniya zuwa Sakkwato

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida. Yawancin saƙon da ke zuwa wa mazauna nan daga Sakkwato iri ɗaya ne: "A sayo min tishat da rigar sanyi mai hula, M nake sawa." Wannan M ɗin ita ke jawo rigima idan kaya sun iso, domin a nan harafi ɗaya yana kan riguna biyu da ba su haɗa komai ba sai launi. Akwai wadda aka rubuta wa Unisex, wato ta kowa, mace ko namiji, akwai kuma wadda aka rubuta wa Women's ko Ladies, wato yankan mata.

A babbar kasuwa ko wurin 'yan gwanjo, mace takan ɗaga riga ta kara a jikinta, ta ja yadin ta ga yadda yake miƙewa, idan ba ta yi ba ta ajiye. A nan yawancin irin waɗannan kaya ta intanet ake sayensu, a cikin leda suke zuwa, abin dogaro kawai shi ne jadawalin awo da kamfani ya wallafa. Shi ya sa wanda ya san awonsa ya fi wanda ya san harafinsa cin riba.

Rigar da ake kira ta kowa, a gaskiya yankan maza ce aka sauya wa suna. Miƙaƙƙiya ce tun daga hammata har ƙasa, kamar buhu: faɗin ƙirji da na ƙugu da na gindin riga duk ɗaya. Kafaɗarta faffaɗa ce, hannunta yana sauka kusa da gwiwar hannu, wuyanta a tsuke yake, tana kuma da tsawo. Yankan mata kuwa ana shigar da ɗinkin gefe ciki a daidai ƙugu, sannan a ɗan buɗe shi wajen kwankwaso. Kafaɗa ƙarama ce, hannu gajere, wani ma iyakarsa ya rufe kan kafaɗa, wuya ya fi faɗi da zurfi, tsawon kuma ya gaza na ta kowa. Sau da yawa yadinta ma ya fi sirantaka.

Yadda ake karanta jadawalin shi ne abu na farko da za a koya. Faɗin da suke rubutawa na riga ce a shimfiɗe, daga hammata zuwa hammata, saboda haka sai an ninka shi biyu kafin a kwatanta da awon da tela ke ɗauka da tef. Ɗauki Gildan 5000, tishat ta kowa wadda masu buga rubutu a riga ke yawan amfani da ita: S inci 18 ce, M 20, L 22, XL 24. Tsawonta daga kafaɗa 28, 29, 30, 31. Wato M tana zagaye inci 40. Bella+Canvas 3001, ita ma ta kowa, faɗinta haka yake tafiya. Amma 6004 ta kamfanin guda, wadda yankan mata ce mai kama jiki, M ɗinta ba ta kai faɗin S ta 3001 ba, XL ɗinta ma bai kai inci 20 ba. Ga M biyu daga gida ɗaya, ɗaya ta shiga, ɗaya ko ƙirji ba ta wuce da daɗi.

Akwai wani abu kuma da ke ruɗa mutane: rigar ta kowa ana ƙara mata inci 2 a kowane harafi, ta mata mai kama jiki kuwa ƙarin nata bai cika wuce inci ɗaya ba. Don haka shawarar nan ta "ƙara harafi ɗaya idan ta mata ce" ba kullum take aiki ba. Ga mai jiki, ko an ƙara biyu ba lallai ta isa ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Mace ce mai ƙirji inci 38, kwankwaso 44, tana son tishat da za ta sa da siket ko zani a gida, ta ɗora hijabi idan za ta fita. Idan ta bi ƙirjinta, M ta kowa ce tata, domin 40 ya ba ta sararin inci 2. Sai dai tsawon inci 29 yana kai rigar kan kwankwaso, inda ake bukatar 44 amma yadin 40 ne. Abin da zai faru shi ne rigar ta ɗame a ƙasa, da ta yi taku goma ta naɗe ta hau ƙugu, ta tara yadi a baya. Alamar ke nan: idan kin ga kina ta jan riga ƙasa, ba gajarta ba ce, gindinta ne ya yi kaɗan. L tana zagaye 44 cif, za ta sauka amma za ta lafe ta fitar da surar jiki. XL mai 48 ta saki kwankwaso, amma ta bar rarar inci 10 a ƙirji, ɗinkin kafaɗa ya zubo kan damtse, hammata ta yi zurfi har yadin yana taruwa a ƙarƙashin hijabi, ga zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke haura digiri 40.

To ta koma yankan mata? Gindinta ya buɗe, kafaɗa ta zauna daidai, wannan gaskiya ne. Amma mai kama jiki an yanka ta ne don ta nuna ƙirji da ƙugu, hannunta gajere, kuma idan aka ɗaga hannu za a shanya kaya ko a sauko da tukunya, sai ta bar bakin zani. Wadda ta fi dacewa a ɓangaren mata ita ce mai rubutun Relaxed fit, ba Slim fit ko Fitted ba, kuma ko ita sai an duba tsawonta a jadawali.

A ganina, ga wannan mata L ta kowa ta fi, da sharaɗin a kai wa tela ya tsaga gefe biyu daga ƙasa, inci 3 zuwa 4 kowanne. Tsagar nan ita ke ba kwankwaso hanya ba tare da an faɗaɗa ƙirji ba. A nan ne gida ya fi nan nesa ba kusa ba: gyaran da telan unguwa zai yi kafin a sallame la'asar, a Birtaniya kuɗinsa kan wuce kuɗin rigar kanta, shi ya sa mutanen nan mayarwa suke yi, ba sa gyarawa.

Sai dai a lura da abu biyu kafin a kai ɗinki. Na ɗaya, ba kowace riga ta kowa ke da ɗinkin gefe ba. Gildan 5000 a zagaye ake saƙa jikinta kamar bututu, babu ɗinkin da za a farke, sai dai a yanka yadin a naɗe bakinsa. Ita 3001 tana da ɗinkin gefe, farkewa kawai za a yi. Na biyu, yadin tishat saƙa ne mai miƙewa. Idan tela ya bi shi da miƙaƙƙen ɗinki irin na atamfa, zaren zai tsinke ranar farko da aka ja rigar, kuma allura mai kaifin baki tana huda saƙar ta bar ƙananan ramuka a layin ɗinki. A nemi mai keken da ke yin zigzag ko obalok, da allura mai dunƙulallen baki.

Nauyin yadi ma yana shiga lissafi, musamman a fara. A jadawali za ku ga gsm, wato giram nawa murabba'in mita ɗaya ke yi. Gildan 5000 kusan 180 ce, 3001 kuwa kusan 140. Mai 140 ta fi sanyi a jiki lokacin bazara, amma fararta tana nuna abin da ke ciki idan rana ta haska. Auduga zalla kuma tana ɗan tsukewa a wankin farko, ta fi tsukewa ta tsawo, musamman idan ta sha ruwan zafi ko injin busarwa. Wadda ta tsaya cif a kan iyaka tun tana sabuwa, bayan wanki ta gaza.

Hudi, wato rigar sanyi mai hula, nata lissafin daban. Da yake a kan wata riga ake ɗora ta, an fi yi mata faɗi: Gildan 18500 M ɗinta inci 22 ne, L 24, wato kowane harafi ya fi na tishat da inci 2 a shimfiɗe. Rabi auduga ce rabi roba, don haka ba ta tsukewa sosai. Matsalarta tana gindi, inda aka sa bel na saƙa mai roba wanda ya fi jikin rigar tsukewa. Ga matar misalinmu, M mai zagaye 44 za ta kama kwankwaso ta hau sama ta yi kumburi a ciki, L mai 48 ce za ta zauna. Nan tsaga gefe ba ta da kyau, domin yanka bel ɗin yana lalata shi. Idan hannun L ya yi tsawo, bakin hannun mai roba zai riƙe shi a wuyan hannu, ba abin damuwa ba ne.

Hudin mata yawanci gajeriya ce, wadda aka rubuta wa Cropped ma iyakarta cibiya, kada a yi kuskuren odarta don sanyin asuba na watan Janairu. Hularta kuma sau da yawa ƙarama ce, ba ta ɗaukar kitso da ɗankwali. Mai zif a gaba ta fi sauƙi ga mai hijabi, tunda ba sai an zura ta ta kai ba.

Ga masu odar taro, kamar ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke buga rigar kammala karatu, ta kowa ta fi rufin asiri. Zane mai faɗin inci 12 yana zama daidai a kan M ta kowa, amma a kan ƙaramar ta mata sai ya kusa shiga hammata, ya miƙe a ƙirji har fentin ya tsage. Idan dole sai an haɗa yanka biyu, a rage zanen na mata zuwa inci 9 ko 10. Dokar Birtaniya ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 daga ranar da suka iso hannunsa ya ce ya fasa, amma ban da abin da aka buga wa suna ko zane na musamman. Kuma kwanakin nan sukan ƙare tun kaya ba su bar nan ba, balle su isa Sakkwato.

Saboda haka mai aiko da saƙo ta ɗauko rigar da ta fi yi mata daɗi, ta shimfiɗa ta a kan tabarma ba tare da ja ba, ta auna hammata zuwa hammata, faɗin gindi, da tsawo daga gefen wuya zuwa ƙasa. Ta ƙara da awon ƙirjinta da kwankwasonta. Lambobi biyar ke nan, a inci. Idan jadawalin a santimita yake, mai saye a nan zai ninka kowace lamba da 2.54.